Waya Tana Shiga Intanet, Kwamfutar da Ke Jone da Ita Ba Ta Shiga: Nazarin Wani Lamari

Ƙanwata tana aikin haɗa rahotanni a kwamfutar tafi-da-gidanka, kuma shekara biyu ke nan ba ta da wata hanyar shiga intanet sai hotsifot ɗin wayarta ta Android. Bayan ta sauya layi zuwa wani ƙaramin kamfanin sadarwa, sai ta kira ni ta ce: "Yaya, wayar tana buɗe komai, har bidiyo nake kallo, kwamfutar ma ta nuna ta haɗu da hotsifot ɗin, amma ko shafi ɗaya ya ƙi buɗewa." A ƙarƙashin sunan waifai ɗin, Windows ta rubuta `No internet, secured`. Kafin ta kira ni ta riga ta kashe na'urorin biyu ta kunna, ta goge sunan hotsifot ɗin daga kwamfuta ta sake shigar da kalmar sirri, har ta fara tunanin kai kwamfutar wajen mai gyara.

Abin da ya sa na ga lamarin ya cancanci a rubuta shi ne, cikin mako biyu matsalar ta zo mata sau biyu da fuska kusan iri ɗaya, amma sanadin farko da na biyu ba su haɗa komai ba. Na farko kuskure ne a saitin wayar, na biyu kuwa iyaka ce da kamfanin layin ya sa da gangan. Wanda bai bambance su ba zai ɓata yini yana taɓa saiti alhali ƙa'idar kamfani ce ta tsayar da shi, ko kuma ya sayi ƙarin data alhali kalma ɗaya ce ta ɓace a saitinsa.

Tushen ruɗanin shi ne zaton da yawancin mutane suke yi cewa intanet ɗin waya da na kwamfutar da ke jone da ita abu ɗaya ne, tunda layi ɗaya ne. A zahiri haɗi biyu ne a jere. Na farko gajere ne, tsakanin kwamfuta da waya, ta waifai. Na biyu shi ne tsakanin waya da kamfanin sadarwa. Kalmar `secured` da Windows ta nuna tana magana ne a kan na farko kawai, wato kalmar sirri ta yi daidai kuma abin da ke wucewa tsakanin na'urorin biyu a ɓoye yake daga idon wasu. A haɗi na biyu kuma, ba dole ba ne waya ta tura bayanan kwamfuta ta ƙofar da take tura nata, domin tana iya buɗe musu wata ƙofa daban. A nan ne matsalar ƙanwata ta farko ta ɓuya.

Na fara da neman inda bayanan suke tsayawa, ban taɓa ko saiti ɗaya ba tukuna. A kwamfutar na buɗe `Command Prompt` na rubuta `ipconfig`, sai ta nuna wannan a ƙarƙashin waifai:

```
IPv4 Address. . . . : 192.168.43.57
Default Gateway . . : 192.168.43.1
```

Wannan ya tabbatar da cewa wayar ta ba kwamfutar adireshi, kuma kwamfutar ta san wayar ce mashigarta. Da adireshin ya fara da `169.254`, da ma'anarsa ita ce kwamfutar ta nemi adireshi ba ta samu ba, ta ƙirƙiro wa kanta, kuma da binciken ya tsaya a kan waifai bai kai ga kamfanin layi ba. Wayoyin Android na baya sun saba amfani da `192.168.43.1`, sababbi kan sauya lambar, iPhone kuma tana amfani da `172.20.10.1`. Ba lambar ce abin dubawa ba, abin dubawa shi ne akwai ta a gurbin mashiga, wato `Default Gateway`.

Daga nan na gwada abubuwa uku a jere:

```
ping 192.168.43.1
ping 8.8.8.8
nslookup example.com
```

Na farko ya dawo da amsa sau huɗu cikin huɗu. Na biyu ya dawo da `Request timed out` duka sau huɗun. Na uku ma bai samu amsa ba. Gwaji na biyu shi ne ya fi muhimmanci, domin yana tura ƙunshin bayanai kai tsaye zuwa wata lamba a intanet ba tare da neman fassarar suna ba. Da ya yi nasara, na uku kaɗai ya faɗi, da na ce matsalar ta fassarar sunayen shafuka ce, wato `DNS`, wadda sau da yawa akan gyara ta a kwamfutar kanta. Tunda duka biyun sun faɗi, bayanan suna isa wayar ne su tsaya a can, ba sa fita.

Sauran gwaje-gwajen na wanke kwamfutar ne daga zargi, kuma ba su ɗauki lokaci ba. Na jona ta da hotsifot ɗin wayata, ta buɗe shafuka nan take. Na jona wayata da hotsifot ɗin ƙanwata, ita ma ba ta samu intanet ba. Na haɗa wayarta da kwamfutar ta kebul na kunna `USB tethering`, sakamakon bai sauya ba, wanda ya cire waifai gaba ɗaya daga lissafi. Na kuma duba cewa `Data Saver` a kashe yake, domin Android ba ta barin raba intanet idan yana kunne.

Gwajin da ya raba gardama shi ne musayar layuka. Na sa layina a wayarta, hotsifot ya yi aiki. Na sa layinta a wayata, hotsifot ya yi aiki shi ma. Ke nan wayar lafiyarta ƙalau, kuma kamfanin bai hana layin nata raba intanet ba, tunda ga shi yana rabawa a wata wayar. Abin da ya ƙi shi ne haɗuwar wannan layin da wannan wayar, kuma abin da ke tsakanin layi da waya shi ne saitin `APN`.

`APN` shi ne sunan ƙofar da waya take nema a wajen kamfanin sadarwa idan za ta buɗe haɗin data. Kamfanin yana duba sunan, ya duba ko layin yana da izinin shiga ta wannan ƙofar, sannan ya ba wayar adireshi. A Android ana samun saitin a ƙarƙashin `Access Point Names`, a sashen layin waya. Kowace shigarwa a jerin tana da gurabe da yawa, amma wanda ya shafe mu shi ne `APN type`, inda ake rubuta irin aikin da aka yarda a yi da wannan ƙofar. Kalmar `default` tana nufin intanet ɗin wayar na yau da kullum, `mms` na saƙon hoto ne, `supl` na taimaka wa wayar gano wurin da take, `dun` kuma shi ne na raba intanet ga wata na'ura. Sunan `dun` gado ne daga zamanin da kwamfuta take amfani da waya ta buga lamba kafin ta shiga intanet, ya zauna har yau duk da cewa ba a buga komai yanzu.

Wasu wayoyin, a kan wasu layukan, ba sa neman `dun` ko kaɗan, suna tura bayanan kwamfuta ta ƙofar `default` tare da nasu. Amma idan saitin da ke cikin wayar ya ce wannan kamfanin yana buƙatar `dun`, to da zarar an kunna hotsifot wayar za ta nemi shigarwar da ke ɗauke da wannan kalmar ta buɗe haɗi da ita. Idan ba ta samu ba, ko ta samu amma kamfanin ya ƙi buɗewa, waifai ɗin zai ci gaba da aiki, kwamfuta za ta haɗu ta karɓi adireshi, amma babu hanyar fita a bayansa. Wayar kanta ba ta jin komai, domin ƙofarta ta `default` a buɗe take. Wannan shi ne ainihin abin da `ping` ya nuna mini.

Da na buɗe saitin wayar ƙanwata, na ga shigarwar da ta yi da hannunta ranar da ta sayi layin, bisa umarnin da ta samu na kunna data. A gurbin nau'i an rubuta:

```
default,supl,mms
```

Akwai dalilin da ya sa irin wannan ya fi faruwa da ƙananan kamfanoni. Da yawansu ba su da turakun sadarwa nasu, suna hayar na babban kamfani ne, kuma layukansu kan ɗauki lambobin shaida na `MCC` da `MNC` iri ɗaya da na babban kamfanin. Waya tana amfani da waɗannan lambobin wajen gane kamfanin da layi ya fito. Idan jerin da masana'anta ta sa a wayar bai san ƙaramin kamfanin ba, sai wayar ta ɗauki layin a matsayin na babban, ta bi dokarsa ta neman `dun`, ta je ta ƙwanƙwasa ƙofar da aka tanada wa masu layin babban kamfanin, wadda layin ƙaramin ba shi da izinin shigarta. Wayar ƙanwata ta girmi tawa da shekaru, kuma wannan ya dace da abin da muka gani: tawa ta gane layin ta saita shi da kanta, tata kuwa sai da aka shigar mata da hannu.

Gyaran bai wuce minti biyu ba. Kafin na taɓa komai na ɗauki hoton shafin saitin, domin in iya mayar da shi yadda yake idan abu ya lalace, kuma ina ba kowa shawarar ya yi haka. Sannan na mayar da gurbin zuwa:

```
default,supl,mms,dun
```

Ana rubuta kalmomin da ƙananan baƙaƙe, waƙafi a tsakaninsu, ba tare da tazara ba. A wayoyi da yawa maɓallin `Save` yana ɓoye a cikin ɗigo uku na saman shafin, kuma wanda ya koma baya bai danna shi ba zai iya rasa gyaran bai sani ba. Bayan adanawa na tabbatar da cewa wannan shigarwar ce aka zaɓa a jerin, na kunna `Airplane mode` na ɗan lokaci na kashe domin wayar ta sake buɗe haɗin data da sabon saiti, sannan na kunna hotsifot. A wannan karon `ping 8.8.8.8` ya dawo da amsa, kuma kafin in buɗe burauza Windows ta riga ta cire rubutun `No internet`.

Ba kowace waya ce take yarda da wannan gyaran ba. Wata takan ƙi adanawa ta nuna cewa kamfanin bai yarda a ƙara `APN` mai nau'in `dun` ba, wata kuma gurabenta a kulle suke ba a iya rubutu a cikinsu. A irin wannan hali hanyar da ta dace ita ce a gwada `Reset to default` a jerin, a sabunta manhajar wayar, in ya ƙi a nemi kamfanin layin ya ba da saitin raba intanet ko ya kunna shi a kan layin. A iPhone gurbin yana ƙarƙashin `Cellular Data Network`, a sashen `Personal Hotspot`, inda ake rubuta sunan `APN` na raba intanet daban, kuma shafin yana bayyana ne kawai idan kamfanin ya bari.

Kwana goma sha ɗaya bayan haka ta sake kira. Ta ce matsalar ta dawo, kuma ta duba `dun` yana nan inda na bar shi. Na ji daɗin cewa ta duba da kanta, domin hakan ya rage mana mataki ɗaya. Na maimaita gwaje-gwajen ukun nan, kuma sakamakon ya bambanta da na farko tun daga na biyu: `ping 8.8.8.8` yana dawo da amsa, `nslookup` ma yana fassara suna. Ƙofar a buɗe take. Da na buɗe shafi mai rubutu zalla sai ya fito bayan ɗan jira, shafi mai hotuna kuwa ya yi ta juyawa har burauza ta gaji. Gwajin sauri a wayar ya nuna sauri mai kyau, a kwamfutar kuma bai wuce kilobit 128 a daƙiƙa ba, kuma duk lokacin da na maimaita a nan yake tsayawa.

Tsayuwar lambar a wuri ɗaya ita ce alamar. Raunin sabis yana sa sauri ya riƙa hawa da sauka, kuma yana shafar wayar da kwamfutar tare. Saurin da ya tsaya cak a ƙaramar lamba a kwamfuta kaɗai, alhali waya tana gudu, hannun mutum ne ya sa shi. Kilobit 128 a daƙiƙa daidai yake da kilobait 16, don haka shafi mai nauyin megabait 2 zai ɗauki sama da minti biyu kafin ya sauka, kuma manhajoji da yawa sukan yanke haɗi kafin nan. Ga mai amfani, wannan ba shi da bambanci da rashin intanet. Na sake musayar layuka, kuma a wannan karon matsalar ta bi layin: a wayata ma hotsifot ɗinsa a shaƙe yake, layina kuwa a wayarta yana gudu.

Amsar tana cikin sharuɗɗan tsarin datar da ta saya. An kira shi marar iyaka, amma a ƙasa an rubuta cewa rabon intanet ga wasu na'urori yana da nasa kaso na gigabait 5 a wata, bayan nan a rage masa sauri. Kamfanin ya ma aiko da saƙon gargaɗi, sai dai ya nutse a cikin saƙonnin talla ba ta gani ba. Kamfanoni ba hanya ɗaya suke bi ba idan kason ya ƙare. Wani yana rage sauri kamar yadda ya faru a nan, wani yana karkatar da duk shafin da aka buɗe zuwa shafinsa na sayen ƙari, wani kuma yana yanke rabon gaba ɗaya. Na ƙarshen nan shi ne ya fi kama da matsalar `dun`, domin `ping` zai faɗi a duka biyun, kuma a nan musayar layi ce kaɗai take nuna bambanci nan take.

Ƙanwata ta yi tambaya mai ma'ana: ta yaya kamfanin ya san wane bayani ne na kwamfuta, tunda yanzu duka ta ƙofa ɗaya suke fita? Hanya mafi sauƙi ga kamfani ita ce ƙofa ta daban, inda duk abin da ya bi ta `APN` ɗin rabo ake lissafa shi a kason rabo. Idan ƙofar ɗaya ce, akwai wata sananniyar alama. Kowane ƙunshin bayanai yana ɗauke da lamba mai suna `TTL`, wadda take raguwa da ɗaya a duk na'urar da ta miƙa shi gaba. Ƙunshin da Android ta ƙirƙira yana fita da 64. Na Windows yana farawa da 128, ya ratsa ta wayar ya zama 127, na kwamfutar Linux ko Mac kuma ya fara da 64 ya fita da 63. Kamfanin da ya ga 127 ko 63 daga layin waya ya san ƙunshin ya fito ne daga bayan wayar. Yana kuma iya ganewa daga irin wuraren da ake tuntuɓa, domin waya ba ta da dalilin neman sabuntawar Windows.

Na san ana yaɗa dabarun sauya `TTL` a kwamfuta domin ɓoye rabon, kuma ban yi mata haka ba. Dalilina biyu ne. Ƙara `dun` gyaran saiti ne domin a samu abin da tsarin ya riga ya yarda da shi, sauya `TTL` kuwa kauce wa sharaɗin da aka amince da shi ne, kuma kamfani yana iya dakatar da layi a kansa. Na biyu, dabarar tana rufe alama ɗaya ce cikin alamu da yawa, kuma wadda aikinta ya dogara da wannan haɗin ba za ta so ta jingina shi a kan abin da zai iya daina aiki a tsakiyar aika rahoto ba.

Abin da ya rage shi ne gano abin da ya cinye gigabait 5 cikin kwana goma sha ɗaya, alhali aikinta takardu ne da saƙonni. Shafin `Data usage` na Windows yana jera manhajoji da abin da kowace ta ci, kuma a can muka ga cewa sabuntawar Windows da manhajar da ke ajiye kwafin fayiloli a intanet su ne suka cinye fiye da rabi. Kwamfuta takan ɗauki waifai a matsayin marar iyaka sai an gaya mata akasin haka. A lokacin gwaje-gwajenta na farko ta goge sunan hotsifot ɗin ta sake haɗawa, kuma wannan ya share duk saitin da ke manne da sunan, har da alamar `Metered connection` da na kunna mata tun shekarar da ta wuce. Na sake kunna ta a shafin bayanan wannan waifai ɗin, wanda yake sa Windows ta jinkirta yawancin manyan saukarwa, kuma manhajar ajiyar ta dakata har sai an ba ta izini. Na kuma sa iyakar gigabait 4 a `Data usage` domin kwamfutar ta yi mata gargaɗi kafin kamfanin ya shaƙe haɗin.

Sauran kwanakin watan ta sayi ƙarin kaso wanda sharuɗɗansa suka ambaci rabon intanet a fili, domin ƙarin data na gama-gari ba lallai ne ya ɗaga iyakar hotsifot ba, kuma saurin ya dawo bayan ta kashe datar wayar ta kunna. A watan da ya biyo baya, da `Metered connection` a kunne da manyan sabuntawa da aka bari sai an samu wani waifai, shafin `Data usage` ya nuna kwamfutar ta ci ƙasa da gigabait 3 a cikin kwana talatin.